Fanni biyu, takarda ɗaya: tambayoyi kan rubuta bayanin manufa ga shirin da ya haɗa ilimin ma'adinai da kiwon lafiya

"Malam, ilimin duwatsu da ma'adinai na karanta, ga shi ina neman digiri na biyu a shirin da ya haɗa muhalli da lafiyar al'umma. Ta ina zan fara takardar bayanin manufa, wadda zan bayyana wa jami'a dalilin da ya sa nake neman shirin?"

Fara da tambaya guda wadda fanninka shi kaɗai ba zai iya amsa ta ba. Yawancin takardun da ɗalibai ke kawo mini in duba tafiyarsu ɗaya ce: sakin layi a kan son duwatsu tun yarinta, wani a kan son taimakon marasa lafiya, sannan a ce ana so a haɗa su. Wannan labari biyu ne aka ɗinke da allura, mai karatu kuma yana ganin ɗinkin. Masu tantancewa suna so su ga matsalar da ta tilasta maka tsallaka iyakar fanninka.

Ga misali a gida. A shekarar 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta lura yara ƙanana suna mutuwa fiye da kima a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Zamfara. Bincike ya nuna gubar dalma ce, kuma an ƙiyasta yara kusan 400 sun rasu. Masu haƙar zinare kan kawo duwatsun cikin gari, a daka a turmi ko a niƙa a inji, ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Likita yana da maganin da ke janye dalma daga jini, amma idan yaron ya koma gidan da ƙasarsa ke cike da guba, jinin zai sake ɗauka. Shi ya sa sai da aka kankare saman ƙasar gidajen aka zuba mai tsabta kafin magani ya yi amfani, kamar yadda aka yi a ƙauyen Bagega a 2013. Mai ilimin ma'adinai kuma shi ne zai gaya wa likita abin da bai sani ba: cewa ruwa da iska sun riga sun sauya yawancin dalmar da ke cikin duwatsun zuwa nau'in da ke saurin narkewa a cikin ciki, niƙa kuma ta mayar da ita gari mai laushi. Kowane ɓangare yana riƙe da rabin amsa. Irin wannan wurin ne takardarka za ta tsaya a kai.

"To yaya zan rubuta shi a zahiri?"

Bari mu ɗauka aikinka na kammala digiri awon dalma ne a ƙasar wani wurin niƙa dutse. Ɗalibi da yawa zai buɗe da cewa: "Tun ina yaro nake sha'awar kimiyya, kuma ina da burin taimakon al'ummata." Babu wanda ba zai iya rubuta wannan ba. Gwada wannan maimakonsa, ko da da Turanci za ka rubuta daga baya:

"A aikina na shekarar ƙarshe na ɗebi samfurin ƙasa daga gidaje ashirin da ke kusa da injin niƙa dutse, na auna dalmar da ke ciki. Na iya faɗin wane gida ya fi wani guba. Da wani magidanci ya tambaye ni ko ɗansa mai shekara biyu yana cikin haɗari, sai na rasa amsa, domin ban san yadda adadin da ke ƙasa ke komawa adadin da ke jini ba. Wannan nake so in koya."

Dubi abin da layukan nan suka yi. Sun nuna ka taɓa aiki da hannunka, sun nuna daidai inda iliminka ya ƙare, fanni na biyu kuma ya shigo ne don ana bukatarsa. Amma fa abin da ka yi da gaske za ka rubuta. In gida takwas ka auna, ka ce takwas. A ganawa za a iya tambayarka yadda ka busar da ƙasar, da rariyar da ka tankaɗe ta, da na'urar da ka yi awo da ita, wanda ya ƙara gishiri kuwa nan take yake tuntuɓe.

Daga nan sauran takardar ta bi wannan zare. In an ba ka kalma 800, kusan 150 sun isa buɗewa. Kaso mafi girma ya tafi ga abin da ka riga ka iya, sai abin da ka rasa da darussan shirin da za su cike shi, ka kira su da sunayensu kamar yadda suke a kundin jami'ar. Abin da za ka yi bayan kammalawa layi uku ko huɗu ne.

"Ban taɓa yin darasin lafiya ko ɗaya ba. In ɓoye?"

A'a, ƙanena. Takardar sakamakonka na gabansu, sun riga sun gani. Faɗe shi a jimla ɗaya, ka bi shi da abin da ka yi a kai: darasin ƙididdiga da ka ci, ko wata uku da ka yi kana bin ma'aikatan lafiya zagayen rigakafi kana riƙe musu rajista. In ba ka yi komai ba tukuna, fara yanzu kafin a rufe karɓar takardu. Tushen ilimin yaɗuwar cututtuka shi ya fi cancanta ka fara da shi, don a nan ne za ka koyi bambance "an samu guba a wuri" da "gubar ce ta jawo ciwon".

"Wa zan rubuta wa, masanin ƙasa ko likita?"

Duka biyun, domin a irin waɗannan shirye-shirye sau da yawa malamai daga sassa biyu ne ke karantawa. Kowace kalmar fanni da ka kawo, ka raka ta da ɗan bayanin da ɗaya ɓangaren zai gane. In ka ambaci nau'in ma'adinin, ka ce me ya sa ya shafi cikin yaro. In ka ce maikirogiram 45 na dalma a kowace desilita ta jini, ka ƙara da cewa daga nan ne likitoci kan fara ba da maganin janye dalma. Adadi ɗaya da ka fahimta sosai ya fi biyar da ka kwaso.

"Ta yaya zan gane ko labarin ya haɗu?"

Buga takardar, ka ɗauki biro ka soke duk jimlar da ta shafi lafiya. Karanta abin da ya rage. In ya tsaya daram a matsayin takardar neman shiga sashen ilimin ma'adinai zalla, to lafiyar ado ce ka liƙa, kuma kwamiti zai yi mamakin me ya hana ka neman wancan sashen. Sake yi ta ɗaya gefen. Takardar da ta haɗu tana rushewa ko wanne ka cire, don tambayar farko ba ta da ma'ana sai da su biyun.

Bayan haka miƙa ta ga mutum biyu, malaminka na ma'adinai da wani ma'aikacin lafiya, kowa shi kaɗai. Kada ka tambaye su ko ta yi kyau, don kunya za ta sa su ce ta yi. Ce wa kowannensu ya faɗa maka a jimla ɗaya abin da kake son bincikawa. In amsoshinsu sun sha bamban, koma sakin layin farko, yawanci a nan tambayar ta rabu biyu.