Suna da taken ƙungiyar agaji

Suna da taken ƙungiyar agaji su ne hanyar da gidauniya ko ƙungiyar taimakon jama'a take gabatar da kanta ga masu ba da gudummawa. Abin ya haɗa da sunan da aka yi mata rajista da shi, da tambarinta, da 'yar gajeriyar jimlar da ke ƙarƙashin tambarin, da hotunan da take bugawa, da alƙawarin da take yi game da inda kuɗi za su tafi. Bambancinsa da tallar haja shi ne wanda ya biya kuɗin ba shi ne yake karɓar kayan ba. Mai sayen sabulu zai je gida ya gwada kumfarsa, amma wanda ya ba da sadakar gina rijiya a wata ƙasa da wuya ya taɓa shan ruwanta, saboda haka abin da aka faɗa masa shi ne kaɗai abin da ya sani. Shi ya sa masu nazarin harkar suke auna take da tambaya guda: idan mai ba da gudummawa ya bi sawun kuɗinsa har ƙarshe, shin zai tarar da abin da ya ɗauka a ransa?

Tarihin sunaye

Tsofaffin ƙungiyoyin agaji na Turai da Amurka sun saba ɗaukar dogayen sunaye masu faɗin aikin ƙarara. Oxfam ta fara ne a shekarar 1942 a garin Oxford na Ingila, a matsayin kwamitin agajin yunwa na garin, kuma abin da ya tashe ta shi ne yunwar da ta addabi Girka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Gajeren sunan asalinsa adireshin wayar tangaraho ne na kwamitin, sai a 1965 aka mai da shi sunan ƙungiyar a hukumance. Zuwa lokacin aikinta ya wuce ciyar da masu jin yunwa a Turai, kuma kalmar da ba ta da fassara ta ba ta damar faɗaɗa aiki ba tare da sunanta ya ƙaryata ta ba. Sai dai irin wannan suna ba ya gaya wa baƙo komai, don haka nauyin bayani ya koma kan take.

A Amurka an ga wata fuskar matsalar. A 1938 Shugaba Franklin Roosevelt ya kafa gidauniyar yaƙi da cutar shan-inna, kuma gangamin tara mata kuɗi, inda ake roƙon jama'a su aiko da kwabbai na senti goma-goma, shi ya yi suna da March of Dimes. Bayan da aka tabbatar da ingancin allurar rigakafin Jonas Salk a 1955, cutar ta ja baya a ƙasar, sunan gidauniyar na asali ya zama yana nuni ga aikin da ya kusa ƙarewa. A 1958 ta juya ga lalurorin da ake haifar jarirai da su, daga baya kuma, wajen shekarun 1970, ta ɗauki sunan gangamin a hukumance. Sunan da ya ambaci cutar shi ne ya tsufa, wanda ya ambaci yadda ake bayarwa ya ɗore.

Wani lokaci kuma harshen jama'a ne ke ɓata suna. Wata ƙungiyar Birtaniya mai taimakon masu lalurar ƙwaƙwalwa da ke shafar motsin jiki, wadda aka kafa a 1952, ta koma Scope a 1994, domin kalmar da ke cikin tsohon sunanta ta zama abin zagi a bakin yara 'yan makaranta.

Batun Kiva

Misalin da aka fi kawowa game da take mai sa a fahimci abin da ba shi ne ba, shi ne na Kiva. Matt Flannery da Jessica Jackley ne suka kafa ta a San Francisco a 2005, domin mutane su riƙa ba ƙananan 'yan kasuwa na ƙasashe masu tasowa rance ta intanet, daga dala 25 zuwa sama, ba tare da mai ba da rancen ya ci ruwa ba. Tsarin ya shiga ran jama'a saboda ana nuna fuska. Mutum zai ga hoton mace a gaban rumfarta, da sunanta, da adadin da take nema, da ma'aunin da ke nuna nawa aka tara nawa ya rage. Taken ƙungiyar a lokacin yana cewa tana ba ka damar ba wani takamaiman ɗan kasuwa rance, domin ya fitar da kansa daga talauci.

A misali, a ce matar tana neman dala 500. Abin da mai ba da rance yake ɗauka shi ne sai mutum ashirin sun ba da dala 25 kowanne kafin ta karɓi kuɗi, kuma idan ba a cika ba za ta tashi hannu rabbana. A watan Oktoba na 2009, David Roodman, wani mai bincike a cibiyar Center for Global Development da ke Washington, ya nuna cewa ba haka abin yake tafiya ba. A lokacin Kiva ba ta ba kowa rance da hannunta. Tana aiki ne da ƙananan bankunan ba da rance na ƙasashen, kuma a mafi yawan lokuta bankin ya riga ya ba matar kuɗinta, wani lokaci da makonni, kafin a aika hotonta da labarinta. Kuɗin mutum ashirin ɗin suna zuwa ne su cike wa bankin gurbin abin da ya fitar, shi kuma ya ba wani. A lokacin, ƙasa da kashi 5 cikin ɗari na rancen ne ake bayarwa bayan an kammala tara kuɗin.

Babu wanda ya ce an ci kuɗi. Matar ta wanzu, ta karɓi rancen, kuma ranar da aka ba ta tana rubuce a cikin bayananta ga mai lura. Roodman kansa ya ce ba da kuɗin tun da wuri ya fi wa mai karɓa, domin ba daidai ba ne a sa mai sana'a ta zauna jiran baƙi daga wata nahiya su ga hotonta ya yi musu. Laifin yana tsakanin aikin da yadda aka kwatanta shi: aikin tallafa wa bankuna ne da jari maras ruwa, take kuma yana sayar da zumunci tsakanin mutum da mutum. Cikin makonni kaɗan Kiva ta sauya jimlar, ta koma cewa tana haɗa mutane ta hanyar rance domin rage talauci, ta kuma gyara bayanin yadda kuɗin suke zagayawa. Jaridar New York Times ta ɗauki labarin a watan Nuwamba na shekarar.

Abu biyu aka cire daga tsohon taken. Na farko shi ne "takamaiman mutum". Na biyu, wanda ba a faye lura da shi ba, shi ne alƙawarin fita daga talauci, wanda ya koma niyyar rage shi. Binciken da aka yi daga baya a ƙasashe da dama ya nuna cewa ƙaramin rance yana taimaka wa wasu masu sana'a, amma a matsakaici ba ya ɗaga kuɗin shigar gida da yawa, don haka sabuwar jimlar ta fi kusa da abin da za a iya karewa.

Irin wannan tazara ta daɗe a tsarin ɗaukar nauyin yaro, inda ake ba mai taimako hoton yaro guda alhali kuɗin suna tafiya ga makaranta ko ruwan sha na ƙauyen baki ɗaya. Manyan ƙungiyoyi yanzu sukan faɗi hakan a fili.

Kuɗin da aka tara da sunan wani abu

Take ko sunan asusu alƙawari ne game da inda za a kashe kuɗi. Bayan harin 11 ga Satumba na 2001, ƙungiyar Red Cross ta Amurka ta buɗe asusun Liberty Fund, wanda ya tara sama da dala miliyan 500. Da aka ji tana shirin ajiye wani kaso domin tanadin jini da shirin ko-ta-kwana, masu ba da gudummawa suka yi ca, domin sun ɗauka na waɗanda harin ya shafa ne. Shugabarta Bernadine Healy ta sanar da ajiye aiki a watan Oktoba, a Nuwamba kuma ƙungiyar ta ce duk kuɗin za su tafi ga waɗanda abin ya shafa.

Ƙungiyar likitoci ta MSF ta bi wata hanya bayan igiyar tsunami ta 26 ga Disamban 2004. Cikin kusan mako guda ta sanar cewa abin da ta samu ya ishe ta aikin da za ta iya yi a wurin, ta daina neman ƙari, ta kuma nemi izinin masu bayarwa kafin ta karkata rarar zuwa wasu wurare. Kaɗan ne suka nemi a mayar musu. Wasu ƙungiyoyi sun soki matakin a lokacin, suna cewa zai sanyaya wa jama'a gwiwa.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga mai fitar da zakka, wadda aya ta 60 ta Suratut Tauba ta iyakance masu cin ta zuwa kashi takwas. Gidauniyar da ke karɓar zakka da sadaka a asusu ɗaya ba tare da rarrabewa ba tana cikin irin wannan matsala.

Da'awar "ɗari bisa ɗari"

Kowace ƙungiya tana biyan haya da albashi da man mota da kuɗin mai binciken asusu. Wadda ta tara naira miliyan 10, ta kashe miliyan ɗaya da rabi wajen gudanarwa, kashi 85 ne ya isa ga aiki, kuma faɗin haka ba abin kunya ba ne. Da'awar cewa ko kwabo ba ya taɓuwa tana tsayawa ne kawai idan akwai wani da ya ɗauki nauyin gudanarwar daban. Ƙungiyar charity: water, wadda Scott Harrison ya kafa a New York a 2006, haka take yi: asusun aikin ruwa daban, na albashi da ofis daban, wasu masu hannu da shuni ne ke cika na biyun. Masu suka suna cewa da'awar tana koya wa jama'a ɗaukar kuɗin gudanarwa a matsayin asara, abin da ke cutar da ƙananan ƙungiyoyin da ba su da irin waɗannan attajirai.

Alamar ƙarin gishiri takan fito ne daga fi'ili. "Mun haƙa rijiya 12" abu ne da za a je a ƙirga. "Mun samar wa mutum dubu shida ruwa" ya dogara da cewa rijiyoyin suna aiki har yanzu, kuma an ƙirga masu ɗiba, ba duk mazauna garin ba. "Mun ceci rayuka" kuwa yana buƙatar sanin abin da zai faru da ba a haƙa ba, kuma ƙaramar ƙungiya da wuya ta mallaki irin wannan hujja.

Hotuna

Ƙa'idojin aiki na 1994, waɗanda Red Cross da wasu manyan ƙungiyoyin agaji suka amince da su, sun ce a sashe na goma a nuna waɗanda bala'i ya shafa a matsayin mutane masu mutunci, ba abin tausayi kawai ba. Har yanzu ana jayayya kan ko hoton wahala ya fi tara kuɗi.

Doka

A Ingila da Wales da Arewacin Ireland, hukumar Fundraising Regulator, wadda aka kafa a 2016, tana karɓar ƙorafi kan neman gudummawa mai ɓatar da mutane. A Nijeriya irin waɗannan ƙungiyoyi suna yin rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, kuma ana rubuta manufofinsu a cikin tsarin mulkin da suke miƙawa.