Tantance ikweshan na sinadarai da aka rubuta da hannu daga hoton takarda

Ikweshan na sinadarai layi ne na alamomi da ke nuna abubuwan da aka haɗa a hagun kibiya da abubuwan da suka fito a damanta. Ana cewa ya daidaita idan ya cika sharuɗɗa biyu. Na farko, adadin atam na kowane sinadari a hagu ya zo daidai da na dama. Na biyu, jimillar cajin lantarki a hagu ta zo daidai da ta dama. Sharaɗin farko ya samo asali daga ƙa'idar da masanin Faransa Antoine Lavoisier ya bayyana a 1789, cewa nauyin abu ba ya ƙaruwa ba ya raguwa a haɗin sinadarai. Na biyun kuwa ya tsaya ne kan cewa ilektaron ba ya ɓacewa, sai dai ya bar wani atam ya koma wani.

Idan ɗalibi ya rubuta ikweshan da hannu a takardar aiki, ya ɗauki hoto da waya ya tura wa malami ko abokin karatu, sai aikin ya kasu kashi biyu: karanta abin da ke takardar, sannan ƙirga shi. Mai dubawa da ya gauraya su yakan ɗora wa ɗalibi laifin kyamara, ko kuma ya yafe masa kuskuren da shi ya tafka da hannunsa.

Matsayin lamba

A rubutun sinadarai, ma'anar lamba tana ga inda ta zauna. Babbar lamba a gaban alama tana ninka dukkan abin da ke biye da ita. Ƙaramar lamba a ƙasa tana faɗin yawan atam na alamar da take manne da ita. Ƙaramar lamba a sama tare da + ko − ita ce caji. Don haka 2O, da O₂, da O²⁻ abubuwa uku ne daban: atam biyu na oksijin a rarrabe, ƙwayar iskar oksijin guda, da ayon ɗaya, wato atam ko gungun atam mai ɗauke da caji, a nan mai caji −2. Alamomin haruffa da ake amfani da su yau sun fito ne daga Jöns Jacob Berzelius ɗan Suwidin wajen 1813, kuma shi a sama yake rubuta yawan atam. Daga baya aka sauko da lambar ƙasa, wurin sama ya zama na caji.

Na'urar bugu tana kiyaye waɗannan matsayi uku, hannu kuwa ba ya kiyayewa sosai. Mai sauri yakan rubuta SO₄²⁻ har 4 da 2 su kusan zama a layi ɗaya, su yi kama da 42. In kuma an karkata waya wajen ɗauka, layin rubutu yakan hau ko ya gangara, sai lambar ƙasa ta wani abu ta zo daidai da lambar gaba ta abin da ke biye. Shi ya sa ake auna tsayin kowace lamba da harafin da ke kusa da ita, ba da gefen hoton ba.

Haruffa ma suna da nasu ruɗanin. Co sinadarin kobal ne, CO kuwa iska ce mai guba ta kabon da oksijin, kuma girman harafi na biyu kaɗai ya raba su. Harafin l na Cl yana kama da 1, O yana kama da sifiri, S da 5, 8 da 3 idan tawada ta yanke a gefen hagu. Mafi saurin salwanta ita ce alamar −, domin ɗan gajeren zane ne da kan faɗa kan layin takarda ya saje da shi. Manhajojin aika saƙo irin su WhatsApp suna matse hoto don rage nauyinsa, kuma irin waɗannan siraran zane su ne ke fara dushewa. Rubutun fensir yana ƙara matsala, saboda yana ƙyalli idan hasken filasha ya dake shi. Hoton da aka ɗauka daga sama tsaye, a hasken rana mara kaifi, aka tura shi a matsayin fayil, yakan kawar da yawancin wannan.

Kwafewa kafin ƙirga

Matakin farko shi ne a kwafe ikweshan ɗin a wata takarda kamar yadda yake, ba gyara ko ɗaya, a sa alamar tambaya a kan duk abin da bai fito ba. Wannan ya fi wuya fiye da yadda ake zato. Wanda ya san kemistiri idonsa yakan cike giɓi da kansa: ya san famanganet MnO₄⁻ ne, sai ya ga alamar − ko da ɗalibin bai rubuta ta ba. Sanin fannin yana da amfani wajen fitar da karatun da zai yiwu, amma ba hujja ba ne cewa abin yana kan takarda.

Bayan kwafewa sai a jera sinadaran ɗaya bayan ɗaya, kowanne da adadinsa na hagu da na dama, a ware layi na ƙarshe don caji. A wajen ƙirga atam, lambar da ke bayan baka tana ninka duk abin da ke cikin bakan, don haka Al₂(SO₄)₃ yana da oksijin 12. Ɗigon da ke cikin CuSO₄·5H₂O ba datti ba ne a hoto, yana nufin ƙwayoyin ruwa biyar ne a haɗe, oksijin ya zama 9, haidurojin 10. Alamomin yanayi kamar (s), (l), (g) da (aq) ba sa shiga ƙirga. A wajen caji, ana ninka cajin kowane ayon da lambar gabansa, sannan a tara. Ba dole jimillar ta zama sifiri ba, abin da ake nema kawai ɓangarorin biyu su zo ɗaya.

Misali: famanganet da ƙarfe

A aikin awon ruwan sinadarai na ɗakin gwaji, ana ɗiga ruwan famanganet mai launin shunayya a cikin ruwan da ke ɗauke da ayon na ƙarfe Fe²⁺ da asid ɗin salfurik. Launin yana ɓacewa da kowane ɗigo har sai ƙarfen ya ƙare, sannan ruwan ya tsaya a launin hoda mai haske. A ce hoton takarda ya nuna wannan:

MnO₄⁻ + 8H⁺ + Fe²⁺ → Mn²⁺ + Fe³⁺ + 4H₂O

Ƙirgar atam ba ta nuna aibu ko ɗaya. Manganis 1 ne a hagu, 1 a dama. Oksijin 4 da 4. Haidurojin 8 a hagu, a dama kuma 4 sau 2, wato 8. Ƙarfe 1 da 1. A nan ne ɗalibai da yawa ke ajiye biro, kuma mai dubawa da ke gaggawa ya ba da maki.

Caji ne ke tona asiri. A hagu akwai −1, da +8, da +2, jimilla +9. A dama akwai +2 da +3, ruwa ba shi da caji, jimilla +5. Tazarar 4 ce. Dalilinta a fili yake: manganis ya sauko daga matakin +7, wato cajin da ake lissafa masa a cikin MnO₄⁻, zuwa +2, wato ya karɓi ilektaron biyar, alhali kowane ayon na ƙarfe ilektaron ɗaya tak yake bayarwa idan ya tashi daga +2 zuwa +3. An rubuta mai karɓar biyar, an ba shi mai bayar da ɗaya. Kowane ƙarfe da aka ƙara yana sa +2 a hagu da +3 a dama, yana rage tazarar da ɗaya, don haka ana buƙatar ƙarin huɗu:

MnO₄⁻ + 8H⁺ + 5Fe²⁺ → Mn²⁺ + 5Fe³⁺ + 4H₂O

Yanzu hagu ya zama −1 + 8 + 10, wato +17. Dama kuma 2 + 15, shi ma +17. Kuskuren ba ƙarami ba ne, domin wanda ya yi lissafin awo da ikweshan na farko zai sami kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfen da ke cikin ruwan.

Kafin a yanke hukunci, sai a koma ga hoton. In akwai wani lanƙwasasshen zane a gaban Fe a ɓangarorin biyu wanda aka ɗauka S ne ko gogewar biro, mai yiwuwa 5 ne, kuma ɗalibin ya yi daidai. In babu komai a wurin, kuskuren nasa ne.

Girman tazarar kansa yana nuna inda za a duba. A ikweshan da ya daidaita, in alamar − ta famanganet ta ɓace a hoto, atam duk za su yi daidai amma caji ya fito +18 da +17. In an karanta ta a matsayin +, zai fito +19 da +17. In an karanta 8H⁺ a matsayin 3H⁺, haidurojin zai gaza da biyar, caji ma ya gaza da biyar, kuma zuwan giɓi biyun daidai da juna yana nuna lambar gaban H⁺ kai tsaye. A irin wannan hali, neman sabon hoto na wannan gurbin ya fi zato.

Wajen gyara, lambar gaba kaɗai ake taɓawa. Canza lambar ƙasa canza abin ne ɗungurungum: H₂O ruwan sha ne, H₂O₂ kuwa haidurojin faroksaid ne da ake wanke rauni da shi.

Iyakar wannan dubawa

Daidaituwar atam da caji sharaɗi ne da babu makawa, amma ba ya tabbatar da cewa haka haɗin yake faruwa. Famanganet da faroksaid a cikin asid misali ne sananne:

2MnO₄⁻ + 5H₂O₂ + 6H⁺ → 2Mn²⁺ + 5O₂ + 8H₂O

Oksijin 18 ne a kowane ɓangare, haidurojin 16, caji +4. To amma in ɗalibi ya rubuta 7H₂O₂ a hagu, da 6O₂ da 10H₂O a dama, ƙirga za ta ba da oksijin 22 da 22, haidurojin 20 da 20, caji +4 da +4. Komai ya daidaita, kuma duk da haka ba shi ne ikweshan da ake nema ba, domin an cusa masa wani haɗi na daban, wato rugujewar faroksaid biyu zuwa ruwa da oksijin. Ana gane wannan ta raba ikweshan gida biyu a ƙirga ilektaron. Manganis biyu suna karɓar goma, kowane faroksaid da ya koma O₂ yana ba da biyu, don haka biyar ake buƙata, kuma wannan rabo na 2 da 5 shi ne ake gani a awon ɗakin gwaji.