Tabar tauna mai haɗin farar ƙasa, kanwa ko areka da sankarar baki

Tabar tauna ita ce duk tabar da ba a kunna mata wuta, ana dai sa ta a baki ne a tauna ko a dunƙule ta tsakanin leɓe da dasashi ko cikin kumatu a bar ta tana jiƙa da yawu. Mu nan Damagaram abin da muka sani shi ne taba gari da kanwa, wadda za ka gani ana ƙullawa a 'yar leda a kasuwar Dole ko bakin tasha, tsoho ya ɗan tsakura da yatsu biyu ya ja leɓen ƙasa ya cusa. A Sudan irin wannan haɗin sunansa tumbak, a Yaman da kudancin Saudiyya shamma, a Pakistan da Afganistan naswar, a Indiya kuma akwai kaini da gutka da pan. Masu amfani da ita a duniya sun haura mutum miliyan 300, mafi yawansu a kudancin Asiya. Sunaye dai daban daban amma dabarar guda ce, wato taba ba ta tafiya ita kaɗai, kullum sai an haɗa ta da wani abu mai kaifi irin na toka, kuma labarin sankarar yawanci daga wannan haɗin yake farawa.

Abubuwan da ake haɗawa

Farar ƙasar da ake magana a nan ba ta shafen ɗaki kawai ba ce, ita ce wadda ake samu in an ƙona dutsenta ko ɓawon katantanwar teku har ya zama gari sannan a jiƙa da ruwa ya koma fari fat kamar kindirmo, Indiyawa na ce mata cuna. Mai cin kaini zai zuba taba a tafin hannu ya ɗan lakato cuna ya murza da babban yatsa sai ya kai baki. Mu kanwa ce ke yin wannan aikin, wasu kuma toka.

Areka kuwa ƙwallon wani icce ne dangin dabino da kwakwa da ke fitowa a Indiya da ƙasashen gabashinta, a can suna ce mata supari, in an fasa ta cikinta zane zane ne ja da fari. Mutane na yawan ɗaukar ta kamar goro ce saboda ita ma tauna ta ake ana ba baƙo, to amma ba dangi ba ne ko kusa, kuma goronmu ba ya cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna kawo sankara, ita areka tana ciki. Pan shi ne a naɗe areka da cuna cikin wani ɗanyen ganye, da taba ko babu, gutka kuma shi ne na kamfani, busasshe cikin 'yar fakiti mai ƙyalli da ƙamshi, wanda in ba ka sani ba sai ka ce alewa ce.

Me kanwa da farar ƙasa ke yi

Nan ne zancen yake. Nikotin, wato abin da ke kama mutum a taba, yana da hali biyu. In wurin da yake akwai tsami tsami to ba ya iya ratsa fatar cikin baki sosai, sai dai ya bi yawu a tofar. In kuwa wurin ya yi kaifin kanwa sai ya saki jiki ya ratsa fatar ya shiga jini nan da nan. Ana auna wannan da ma'aunin pH, 7 ne tsakiya, ƙasa da haka tsami, sama da haka kaifin kanwa. A 6 kusan kashi 1 cikin 100 ne kawai na nikotin ke iya ratsawa, a 7 wajen kashi 9, a 8 rabi cur, a 9 kuwa ya kai kashi 90. Ita farar ƙasa jiƙaƙƙa ta wuce 12 ma. Shi ya sa in ka ba mai cin taba wadda ba kanwa zai ce maka lami ce, ba ta da kai, gaskiyarsa kuwa, tabar ɗaya ce amma ƙofar ce ba a buɗe ba.

Nikotin ɗin kansa ba shi ne babban mai kawo sankarar ba, aikinsa shi ne ya hana ka bari. Masu ɓarnar wasu ne da ake kira nitrozamin, musamman biyu da ake rubutawa NNN da NNK, waɗanda ke samuwa cikin ganyen lokacin da ake shanya shi ana tsima shi ana ajiye shi cikin zafi, kuma duk daɗewar ajiyar suna ƙaruwa. In sun shiga naman baki sai jiki ya juya su su koma abin da ke manne wa rubutun gadon da ke cikin kowace ƙwayar halitta, ya gurɓata shi, ƙwayar ta zo rabuwa ta kwafi kuskure. An ƙirga abubuwa akalla 28 masu kawo sankara a tabar tauna, kuma tumbak na Sudan, wanda taba ce da kanwa kamar tamu, yana cikin waɗanda aka auna aka samu nitrozamin mafi yawa a duniya.

Sannan kaifin kansa yana cin fata. Duk matar da ta taɓa zuba kanwa a wake ta san yadda take narkar da shi, to haka take yi wa fatar leɓe a hankali, ta ƙone ta sama sama, jiki ya yi ta gyara, gobe a sake ƙonawa. Wurin da kullum ake gyara ƙwayoyinsa kullum cikin rabuwa suke, ga guba kuma zaune a kansu. (Wannan ba ya nufin kanwar miya ko ta tuwo, wadda ake sa 'yar kaɗan a tukunya a haɗiye, ana maganar wadda ke kwana a wuri ɗaya da taba ne.)

A ɗauki misali da dillalin dabbobi da ya fara tun yana ɗan shekara 20, yana sawa sau 10 a yini, bayan kowace salla da bayan abinci da lokacin ciniki, kowace sawa tana minti 20 a baki. Minti 200 ke nan, awa uku da wani abu kullum. In ya kai shekara 40 ya sa sau 73,000, kuma kusan duka a gurbi ɗaya, don kowa da gefen da ya saba, wani hagu wani dama. Shi ya sa sankarar mai tabar tauna take fitowa daidai inda yake ajiye ta, mai sa wa a leɓen ƙasa a nan za ta fito ko a dasashin gaba, mai pan da gutka kuma cikin kumatu da lungun da ke tsakanin kumatu da turame. In yana haɗawa da sigari ko giya abin ninkuwa yake.

Areka, ko ba taba

Da an ɗauka laifin duk na taba ne. Hukumar binciken sankara ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sa pan mai taba cikin rukuni na 1, wato waɗanda babu shakka a kansu, tun 1985, sai a rahotonta na 2004 ta ce ita areka kanta, da pan ɗin da ba taba, su ma rukuni na 1 ne. Akwai wani abu cikinta, arekolin, shi ke sa mutum ya ji ɗumi da kuzari, kuma shi ke tunzura naman ƙarƙashin fata ya yi ta saƙa zare mai tauri irin na tabo. Da farko mutum zai ji yaji na ƙona masa baki, barkonon da ya saba ci ya gagare shi, cikin kumatu ya yi fari fari, daga baya in ka shafa da yatsa ka ji kamar igiyoyi a miƙe, baki ya fara ƙin buɗewa. Lafiyayyen baki na buɗewa wajen santimita 4, yatsu uku a jere a tsaye suna shiga tsakanin haƙoran sama da na ƙasa, mai wannan ciwon sai ya koma biyu, wani ma ɗaya, loma ta gagara. Wannan ba sankara ba ce tukuna amma wani ɓangare na masu ita suna kaiwa can, kuma ko an bar areka taurin ba ya komawa yadda yake. A ganina gutka ta fi duk sauran muni, don ta haɗa taba da areka da farar ƙasa a fakiti ɗaya, ga araha ga zaƙi, yara ma na saye. Jihohin Indiya da yawa sun hana ta daga 2012, sai masu sayarwa suka raba ta fakiti biyu, areka daban taba daban, mai saye ya haɗa da kansa.

Wani nazari na wannan hukumar ta Liyon da ya fito a 2024 ya lissafa cewa cikin sabbin masu sankarar baki wajen 389,000 na shekarar 2022, kimanin 120,000, wato kusan ɗaya cikin uku, tabar tauna ko areka ce sanadi.

Yadda ake gane ta fara

Abin da ke yaudarar mutane shi ne farkonta ba ciwo. In ka ja leɓen tsohon mai cin taba ka haska da tocila za ka ga wurin ya yi fari fari da tamoji kamar yatsan da ya daɗe a ruwa, dasashin ya ja baya har saiwar haƙori ta fito. Wannan yawanci yana washewa cikin 'yan makonni in an daina. Wanda ake tsoro shi ne farin tabon da ba ya goguwa kuma bai tafi ba bayan an bari, ko ja mai santsi kamar karan miski, shi ja ɗin ma ya fi farin haɗari duk da ya fi ƙanƙanta. Sai gyambon da ya wuce mako biyu zuwa uku bai warke ba, bakinsa da tauri in an taɓa, yana jini da an ɗan goge shi, ko haƙori ya kama girgiɗi ba dalili, ko leɓe ya mutu ba ka jin sa, ko kaluluwa mai tauri a ƙarƙashin muƙamuƙi wadda ba ta zafi. Gyambon zafi na yau da kullum shi yana da raɗaɗi sosai kuma kwana goma ya tafi, nan ne bambancin.

Ido kaɗai ba ya yanke hukunci, sai likita ya yanki ɗan nama kamar ƙwayar shinkafa an duba a na'ura. Mutane da yawa suna tsoron wannan, wai daji ba ya son ƙarfe, sai a yi ta shafe shafe da turare wata da watanni, wani ma ya ƙara danna tabar a wurin don ta kashe masa zafi, har abin ya ci ƙashin muƙamuƙi. Alhali in sankarar ƙarama ce, ba ta kai santimita 2 ba kuma ba ta sauka wuya ba, aiki ɗaya kan cire ta kuma mafi yawan irin waɗannan suna rayuwa. A jihar Kerala ta Indiya an gwada tura ma'aikatan lafiya gida gida suna leƙa bakin mutane da fitila kawai, sakamakon da aka buga a 2005 ya nuna mutuwa da sankarar baki ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku tsakanin masu taba ko giya. Wanda ke Damagaram zai iya farawa da likitan haƙori a babban asibitin ƙasa na Zinder, in abin ya kai ga gashi da na'ura to cibiyar yaƙi da sankara tana Yamai.