Koren labule da matacin Chroma Key a manhajar OBS

Chroma Key mataci ne a cikin manhajar OBS Studio wanda ke cire launi guda ɗaya daga hoton kyamara, galibi kore, domin a sa wani hoto ko bidiyo a gurbinsa. Mai gabatarwa yakan zauna a gaban koren labule, sai matacin ya mayar da duk inda kore yake ya zama fayau, abin da aka shimfiɗa a ƙarƙashi ya bayyana. OBS manhaja ce ta kyauta ta naɗar bidiyo da watsa shi kai tsaye, wadda aka fara a shekarar 2012, kuma tana aiki a Windows da macOS da Linux. Matacin yana zuwa tare da ita, ba sai an sauko da wani ƙari ba.

Asali

Dabarar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Tun wajajen ƙarshen shekarun 1910 zuwa 1920 masu shirya fim a Amurka suke gwada hanyoyin raba ɗan wasa da abin da ke bayansa, kuma marubuta tarihin fim sun saɓa a kan wanda ya riga. Wanda aka fi ambata shi ne Larry Butler, da ya yi amfani da shuɗin bango a fim ɗin The Thief of Bagdad na 1940, har ya samu kyautar Oscar a kan aikin. Bayansa injiniya Petro Vlahos ya inganta hanyar a ƙarshen shekarun 1950, ta yadda abubuwa masu wahala irin su gashi da hayaƙi da gilashi suka riƙa fita da kyau, sannan ya kafa kamfanin Ultimatte a 1976. Gidajen talabijin sun rungumi dabarar musamman wajen hasashen yanayi, inda mai gabatarwa ke nuna taswirar da a zahiri babu ita a bayansa.

Shuɗi ne ya yi zamani a lokacin fim na majigi. Kore ya karɓe fage da zuwan kyamarar dijital. Yawancin kyamarori suna amfani da tsarin Bayer, wanda a cikin kowane ɗigo huɗu na idon kyamara biyu na kore ne, ɗaya ja, ɗaya shuɗi, don haka kore ya fi fitowa tsaf, da ƙarancin ƙura. Bugu da ƙari, koren ƙyalle ba ya buƙatar haske mai yawa kamar shuɗi, kuma ya yi nisa da launin fatar ɗan Adam, baƙi ne ko fari. Har yanzu ana komawa ga shuɗi idan wanda ake ɗauka yana sanye da kore.

Yadda matacin yake lissafi

Matacin ba ya gane mutum. Abin da yake yi shi ne ya ɗauki kowane fiksel, wato ɗigo ɗaya daga ɗigogin da suka haɗu suka zama hoto, ya ware haskensa gefe, ya auna nisan launinsa daga launin da aka ce a cire. Saituna uku ne ke juya wannan awo, kowannensu daga 1 zuwa 1000.

Similarity, wanda ke farawa a 400, shi ne iyakar da duk fiksel ɗin da bai kai ta ba za a shafe shi gaba ɗaya. Smoothness, mai farawa a 80, shi ne faɗin zirin da ke bin bayan wannan iyaka, inda fiksel ke bayyana sannu a hankali. Wato a saitin farko, nisan da bai kai 400 ba ya ɓace, wanda ya wuce 480 ya fito sosai, na tsakani kuma ya fito rabi-rabi. Wannan ziri ne ke ba gefen jiki laushi, domin fiksel ɗin da ya faɗa a kan silin gashi rabinsa gashi ne rabinsa labule. Na ukun, Key Color Spill Reduction, mai farawa a 100, ba ya shafe komai. Yana kashe launin fiksel ɗin da ke kusa da iyaka ne, ya mayar da shi ruwan toka, don a rage koren da labule ke haskawa a kan kunne da kafaɗa.

Akwai wani adadi da ya kamata mai saiti ya riƙe. Idan aka zaɓi Green a Key Color Type, fari da baƙi da ruwan toka duka suna da nisa kusan 520 daga koren, tunda babu launi a cikinsu, haske ne kawai ya bambanta su. Saboda haka da zarar jimillar Similarity da Smoothness ta haura wannan adadi, farar riga da baƙar hula za su fara zama shara-shara. Haka kuma koren da ya faɗa cikin inuwa yana matsawa ne zuwa ga baƙi, wato yana nisa da koren da matacin ke nema. Daga nan ne yawancin matsala ke tasowa: mutum ya ga lungun labule mai duhu ya ƙi ɓacewa, ya yi ta ƙara Similarity, kafin lungun ya tafi rigarsa ta huje. Gyaran yana wajen fitila.

OBS tana da wani matacin mai kama da wannan, Color Key, wanda ya fi dacewa da zane da hoton allo masu launi bai ɗaya. Ga kyamara, Chroma Key ake so.

Shirya ɗaki

Labulen ya zama marar sheƙi, a goge shi, a ɗame shi har babu lanƙwasa, domin kowace lanƙwasa inuwa ce. Bango mai santsi da aka shafa wa koren fenti marar ƙyalli ma yana aiki. Masu sana'ar sun rabu a kan wanda ya fi. Ana haska labulen daban da fitilu biyu, ɗaya a kowane gefe, a karkace, sannan a haska mutumin da tasa fitilar. Ana so ya matso gaba da labulen kamar mita ɗaya da rabi zuwa biyu in ɗaki ya bari, don kada inuwarsa ta faɗa a kai, kuma kada koren ya dawo jikinsa. Farar shadda tana ɗaukar wannan koren sosai. Duk abin da ke da kore a jiki ko a kan tebur zai ɓace, har da zare a ɗinkin hula da tutar Nijeriya.

Kyamara ma sai an ɗaure ta. Idan aka bar ta tana daidaita haske da fari da kanta, koren zai riƙa canzawa duk lokacin da mutum ya motsa. A Windows ana kashe wannan ta maɓallin Configure Video da ke cikin Properties na kyamarar. A ƙasashen da wutar lantarki ke gudu a kan 50 Hz, kamar Nijeriya da Nijar da Ghana, a sa saitin hana ƙyaftawa a 50, in ba haka ba wasu fitilu za su riƙa zana layuka masu yawo a kan labulen.

Misali

A ɗauki malamin da ke koyarwa da ƙaramar kyamarar kwamfuta mai fitar da 1280 sau 720, sanye da farin kaftani, labulensa bai cika faɗin hoton ba. Zai ƙara kyamarar a Sources a matsayin Video Capture Device, ya ƙara hoton bayan a matsayin Image, ya tabbatar hoton yana ƙasa da kyamarar a jerin. Sai ya danna Alt ya ja gefunan kyamarar ya yanke bangon ɗakin da ya leƙo. Daga nan:

```
Filters > Effect Filters > + > Chroma Key
```

A saitin farko tsakiyar labulen ta ɓace, amma kusurwar ƙasa ta hagu tana ta ƙyalƙyali da ɗige-ɗige. Da ya kai Similarity 450 kusurwar ta tafi, sai dai 450 da 80 sun zama 530, kuma ana hango hoton baya ta cikin kaftanin. Abin yi shi ne ya koma wajen 410, ya karkata fitila guda zuwa kusurwar, sannan ya ɗaga Key Color Spill Reduction kaɗan-kaɗan har koren kafaɗa ya mutu, ya tsaya kafin fuska ta fara komawa toka. Hanya mai kyau ta gwaji ita ce a sa hoto mai launi ɗaya mai ƙarfi a baya na ɗan lokaci, a kaɗa hannu a buɗe yatsu, domin a kansa kowace huda take fitowa fili.

Idan koren labulen ya karkata zuwa shuɗi ko rawaya, ana zaɓar Custom a ɗauko launin daga hoton kansa. A nan dole a sauke Similarity sosai, saboda koren ƙyalle na gaske ya fi kusa da ruwan toka fiye da tsantsar koren kwamfuta, kuma 400 na iya shafe mutumin ɗungurungum.

Dalilin da gefe ke lalacewa idan babu labule

Manhajoji irin su Zoom da Google Meet da Microsoft Teams suna sauya bayan mutum ba tare da labule ba, ta hanyar ƙirar basirar na'ura da aka horar da hotunan mutane masu yawa. Ita ba launi take aunawa ba, kintatar inda mutum yake take yi. Domin ta yi sauri a kan kwamfuta mai ƙaramin ƙarfi, ana rage hoton sosai kafin a ba ta. Ƙirar da Google ya bayyana a 2020 don Meet tana aiki a kan 256 sau 144. Idan aka buɗa wannan taswira a kan hoto mai 1280 sau 720, kowane ɗigo nata ya rufe fiksel biyar a tsaye biyar a kwance, a kan 1920 sau 1080 kuwa bakwai da rabi. Silin gashi da ƙarfen tabarau da wayar abin sauraro duk sun fi wannan siranta, don haka ko a sare su ko a kwaso su tare da guntun bango. Gefen kafaɗa kuma sai ya fito kamar haƙoran zarto, ko a lulluɓe shi da dishi-dishi don a ɓoye hakan.

Sannan ana sabunta kintacen a kowane firem, wato kowane hoto ɗaya na bidiyon, sau talatin a daƙiƙa ga yawancin kyamarori, kuma amsar ba ta zama ɗaya ko da mutum bai motsa ba, shi ya sa gefen ke rawa. In an haɗa amsoshin baya don rage rawar, sai yankan ya riƙa biyo hannu a makare. Littafi ko makirufo da ke hannu wani lokaci a ɗauke shi a matsayin jikin mutum, wani lokaci a jefar. Duhu da tufa mai launin bangon ɗaki suna ƙara dagula lamarin. Mai ɗankwali ko hula yakan fi mai sakakken gashi samun gefe mai tsabta, tunda iyakar kansa a bayyane take.

Koren labule yana kawar da kintace, domin ana yanke hukunci a kan kowane fiksel a cikakken girman hoton. Shi ma yana da iyaka. Kyamarori da dama suna adana bayanin launi a rabin girman bayanin haske, kamar a tsarin YUY2, ko rubu'insa kamar a NV12, kuma matsewar MJPEG na barin ƙananan murabba'ai a gefe. Tunda launi kaɗai matacin ke dubawa, waɗannan sukan bayyana a matsayin ɗan tsini-tsini, musamman idan haske bai isa ba.

Wasu hanyoyi

Tun siga ta 28 a 2022, OBS tana da matacin cire baya na NVIDIA ga masu katin RTX a Windows, akwai kuma ƙarin manhajoji na masu sa-kai. Wanda ya gama saitinsa a OBS yana iya danna Start Virtual Camera ya tura hoton zuwa Zoom ko Meet, amma ya kashe sauya bayan da ke cikinsu, don kada a sake yanka abin da aka riga aka yanka.