Jadawalin Keɓaɓɓun Kalmomi a Fassarar Littafin Horar da Ma'aikata

Tambaya: Mu uku muka raba fassarar littafin horar da ma'aikatan wani ƙaramin banki a nan Katsina. Da muka haɗa aikin, sai muka tarar kalma ɗaya ta Ingilishi ta fito a matsayin rance, bashi da lamuni. Ta ina za mu fara gyara?

Amsa: Malama, ku dakata da gyaran shafuka tukuna, ku zauna ku yanke hukunci a kan ma'ana, domin kalmomin nan uku ba abu ɗaya suke nufi ba. Bashi shi ne duk abin da ake bin mutum, ko na kuɗi ko na kayan da ya ɗauka a kanti bai biya ba. Rance kuwa kuɗi ne ko hatsi da aka bai wa mutum ya yi amfani da shi ya mayar da kwatankwacinsa, wanda ya bambanta da aro, inda ake mayar da ainihin abin da aka karɓa. Lamuni yana ɗauke da ma'anar yarda da tsayawa wani, don haka sabon ma'aikaci zai iya ɗauka cewa ana maganar wanda ya tsaya wa mai karɓar kuɗin ne. A ganina, ku ware rance ga kuɗin da banki ya bayar, ku ware bashi ga abin da ya rage ba a biya ba, sannan ku ajiye lamuni gefe sai in littafin na asali yana da wata kalma dabam da ta dace da shi.

Wannan hukunci shi ne za ku rubuta a jadawali, a Excel ko makamancinsa, kowace kalma da layinta. Gurbi biyar sun isa: kalmar asali, kalmar Hausa da aka amince da ita, ma'anarta a jimla ɗaya, misali daga cikin littafin, da kuma kalmomin da aka hana. Gurbin ƙarshen nan shi ne aka fi mantawa da shi, alhali shi ne yake hana mai fassara komawa ga kalmar da bakinsa ya saba da ita. Mutum ɗaya kaɗai za a bai wa ikon sauya jadawalin, sauran su kawo masa shawara.

Tambaya: Kowace kalma mai wuya za mu saka a ciki?

Amsa: A'a. Ku saka wadda ta maimaitu a babi fiye da ɗaya, da wadda kuskure a kanta zai sa ma'aikaci ya yi aiki ba daidai ba, kamar jingina, ajiya da kuɗin ruwa. Kalmar riba tana buƙatar kulawa ta musamman, domin a Hausa tana nufin abin da ɗan kasuwa ya samu a kan uwar kuɗinsa, amma a Larabcin fiƙihu sunan kuɗin ruwan da aka haramta ne. Idan ma'aikaci ya cakuɗa su a gaban abokin hulɗa, zai iya kore shi daga bankin gaba ɗaya, saboda haka a rubuta bambancin ƙarara a gurbin ma'ana. Kafin ku tabbatar da kowace kalma, ku karanta wa ma'aikata biyu ko uku jimlar da take ciki, ku ce su faɗi abin da za su aikata. Idan amsoshinsu suka saɓa, kalmar ba ta zauna ba.

Tambaya: Yaya za mu gane cewa an bi jadawalin?

Amsa: Da farko ku duba jadawalin kansa, kada kalmar Hausa ɗaya ta wakilci abubuwa biyu. Idan kalmomin Hausa suna gurbin B, ku rubuta wannan a layi na biyu na wani gurbi da ba komai a cikinsa, ku ja shi ƙasa, zai nuna TRUE a gaban duk wadda ta maimaitu:

```
=COUNTIF(B:B,B2)>1
```

Daga nan ku nemi kowace kalmar da aka hana a cikin littafin da Ctrl+F, tare da jam'inta, domin neman bashi ba zai kamo basussuka ba. Haka kuma kwamfuta tana ɗaukar ɗ da d a matsayin haruffa dabam, don haka idan ɗayanku ya rubuta kuɗi da lanƙwasa, wani kuma ba lanƙwasa, sai an nemi siffofin biyu. Ina roƙonku kada ku danna Replace All, maɓallin da ke sauya kalma a ko'ina a lokaci ɗaya. Rance namiji ne, ajiya mace ce, kuma duk inda aka sauya kalma da wadda jinsinta ya bambanta, sai an bi jimlar da ido an gyara “ya” zuwa “ta” da “ne” zuwa “ce”, wuri bayan wuri.