Raunin mazakuta sakamakon hawan jini da kitsen jini

Raunin mazakuta na jijiyoyin jini shi ne yanayin da gaban namiji ke kasa miƙewa sosai, ko ya miƙe ya kwanta tun ba a gama biyan buƙata ba, saboda jijiyoyin da ke kai masa jini sun ƙuntata ko sun daina buɗewa yadda ya kamata. A tsakanin mazan da suka haura shekara 40, matsalar jijiyoyin jini ce kan gaba cikin dalilan wannan rauni da suka shafi jiki, kuma hawan jini da yawan kitsen jini, wato kwalastarol, na cikin manyan masu jawo ta, tare da ciwon suga da shan taba. Sau da yawa raunin yakan bayyana tun kafin zuciya ta nuna wata alama.

## Yadda jini ke miƙar da gaba

A cikin azzakari akwai wasu dogayen ɗakuna biyu masu kama da soso, kwance kusa da juna, an naɗe su da wani tantani mai tauri. Ta tsakiyar kowanne wata siririyar jijiyar jini ta ratsa. Lokacin da babu sha'awa, tsokar da ke bangon jijiyar da cikin soson a tsuke take, jini kaɗan ne ke shiga. Idan sha'awa ta motsa, jijiyoyin saƙo da kuma shimfiɗar da ke lulluɓe da cikin jijiyar jini sukan saki wani sinadari mai suna naitirik oksaid. Shi ne ke sa tsokar ta saki jiki, jijiyar ta buɗe, jini ya kwararo ya cika soson. Da soson ya kumbura sai ya matse ƙananan jijiyoyin da ke fitar da jini a jikin tantanin nan mai tauri, hanyar fita ta toshe, gaba ya tsaya ƙyam.

Saboda haka dole jinin ya shiga da yawa kuma da sauri. Idan yana shiga a hankali, soson ba zai cika har ya rufe hanyar fita ba, sai ya zama kamar ɗura ruwa a tulu mai yoyo. Dalilin ke nan da mai wannan lalura kan ce gaban yana tashi amma babu ƙwari, ko yana kwanciya da zarar ya sauya kwanciya.

## Abin da hawan jini da kitse ke yi wa jijiyar

Ɓarnar takan fara ne daga shimfiɗar cikin jijiya, wadda kaurinta bai wuce ƙwayar halitta ɗaya ba. Jinin da ke dukan ta da ƙarfi shekara da shekaru yana gajiyar da ita, ta rage samar da naitirik oksaid. A wannan mataki jijiyar ba ta toshe ba tukuna, buɗewa ce kawai ba ta yi sosai idan an buƙata. Bayan haka bangon jijiyar yakan yi kauri ya ƙandare, tsokar cikin soson kuma ta riƙa raguwa, zare mai tauri irin na tabo yana maye gurbinta.

Kitsen da takardar gwaji ke nunawa da LDL yana shiga ta inda shimfiɗar ta raunana, ya maƙale a ƙarƙashinta. Ƙwayoyin garkuwar jiki su zo su haɗiye shi, su ma su maƙale, a hankali wani tudu ya taso a bangon jijiyar yana cin hanyar jini. Hawan jini ne ke buɗe ƙofa, kitse ya shiga, shi ya sa haɗuwarsu a jikin mutum ɗaya ta fi kowannensu muni.

Abin da ya sa gaba ke riga sauran gaɓoɓi kokawa shi ne ƙanƙantar jijiyarsa. Faɗinta milimita 1 zuwa 2 ne, ta zuciya 3 zuwa 4, ta wuya mai kai jini ƙwaƙwalwa kuwa 5 zuwa 7. A ɗauka kitse mai kaurin rubu'in milimita ya zagaye cikin jijiyoyi biyu. Mai faɗin milimita 4 za ta koma 3.5, ta rasa kusan kashi 23 cikin 100 na hanyarta, mai ita ba zai ji komai ba. Mai faɗin 1.5 kuwa za ta koma 1, ta rasa fiye da rabi. Cutar ɗaya ce, amma ƙaramar jijiya ce ta fara jin jiki. Binciken da aka yi kan masu ciwon zuciya ya nuna raunin mazakuta kan riga alamun zuciyar bayyana da kimanin shekara 2 zuwa 5. Wannan tazara dama ce ta ceton rai, kuma abin takaici ne yadda kunya ke sa maza da yawa su ƙarar da ita wajen neman maganin ƙarfin maza, ba tare da an taɓa ɗaura musu na'urar awon jini a hannu ba.

## Yadda ake gane shi

Raunin da ya fito daga jijiyar jini yakan zo ne sannu a hankali, cikin watanni ko shekaru, kuma ba ya zaɓen lokaci. Sha'awa tana nan, ƙwarin ne ke raguwa, har miƙewar da lafiyayyen namiji ke yi cikin barci da asuba ita ma takan yi rauni ko ta ɗauke. Wanda damuwa ko fargaba ta jawo kuwa yakan faɗo kwatsam, yau lafiya gobe babu, miƙewar asuba kuma tana nan daram.

Likita zai auna jini fiye da sau ɗaya, a ranaku daban-daban. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar 140/90 zuwa sama a matsayin hawan jini. Za a gwada kitse da suga da aikin ƙoda, wani lokaci da sinadarin maza na testosteron, wanda ake ɗiban jininsa da safe. Akwai kuma wasu tambayoyi biyar da ake ba maki, jimillarsu 25: daga 22 zuwa sama lafiya ce, 17 zuwa 21 rauni kaɗan, 7 zuwa ƙasa rauni mai tsanani.

## Misali: mutum mai shekara 52

A ɗauki mai shekara 52, mai tumbi, yana shan taba. Shekara biyu ke nan yana lura gabansa na raguwa, bai faɗa wa kowa ba. An auna jininsa 158/98, LDL ɗinsa 165 mg/dL. Aka ɗora shi kan maganin hawan jini mai suna atenolol da maganin sa fitsari na rukunin tayazaid. Bayan wata guda jini ya sauka, raunin kuma ya ƙaru, sai ya ajiye maganin, a ransa yana cewa shi ne ya kashe masa gaba.

Zarginsa yana da ƙamshin gaskiya. Rukunin tayazaid da tsofaffin magungunan rage bugun zuciya irin su atenolol da furofaranolol an san suna iya ƙara raunin, haka ma sifironolakton. Ga shi kuma jijiyar da ta riga ta ƙuntata ta saba da jini mai tunkuɗowa da ƙarfi, don haka wasu kan ji sauyi a farkon saukarsa. Tsoro ma yana da nasa kaso. A wani bincike da aka wallafa a 2003, an ba rukuni uku na maza atenolol: cikin waɗanda ba su san sunan maganin ba kashi 3 cikin 100 ne suka koka da rauni, cikin waɗanda aka gaya wa zai iya taɓa mazakuta kuwa kashi 31.

Amma ajiye maganin ya mayar da shi hannun abin da ya lalata jijiyar tun farko, kuma daina atenolol farat ɗaya na iya tayar da bugun zuciya da ciwon ƙirji. Abin da ya dace shi ne ya koma ya faɗa wa likita ƙarara. Idan babu dalilin zuciya da ya wajabta atenolol, likita zai iya janye shi a hankali ya sa losatan, da amlodifin idan ana buƙatar ƙari, domin waɗannan ba su cika taɓa mazakuta ba. Idan kuma dole sai irin atenolol, akwai nebibolol, wanda ke taimaka wa jijiya sakin naitirik oksaid. Ga kitsen, atobastatin miligiram 20 a kullum kan sauke LDL da kusan kashi 40 cikin 100, wato daga 165 zuwa wajen 100 cikin makonni shida zuwa takwas. Sai barin taba, rage gishiri zuwa ƙasa da giram 5 a rana, da tafiya mai sa haki ta minti 40 sau huɗu a mako. Ba a yanke hukunci a mako biyu. Wata uku zuwa shida ake dubawa.

## Iyakar abin da za a samu

Shimfiɗar cikin jijiya tana farfaɗowa, kuma daga nan yawancin sauƙin ke zuwa. Nazarin da ya haɗa gwaje-gwaje 11 a 2014 ya gano magungunan kitse na rukunin sitatin, irin su atobastatin, suna ƙara maki 3.4 a ma'aunin ƙarfin gaba. Ƙari ne da ake ji a jiki, ko da yake bai kai na maganin ƙarfin gaba mai suna sildenafil ba. A wani gwaji na Italiya da aka wallafa a 2004 kan maza 110 masu ƙiba, kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka rage nauyi suka riƙe motsa jiki tsawon shekara biyu sun dawo daidai.

Saukar da hawan jini shi kaɗai ya fi ƙarfi wajen tsayar da ɓarna fiye da gyara wadda ta riga ta auku. Tudun kitsen da ya daɗe ya ƙandare ba ya narkewa gaba ɗaya, tsokar soson da ta zama tabo kuma ba ta dawowa. Shi ya sa wanda ya zo a shekarar farko ta rauni ya fi samun sauƙi a kan wanda ya shekara goma yana ɓoyo, musamman idan akwai ciwon suga, wanda ke lalata jijiyoyin saƙo su ma.

Sildenafil, wanda aka fara sayarwa a 1998, da tadalafil ba sa samar da naitirik oksaid, tsawaita aikin wanda jiki ya saki kawai suke yi. Don haka sun fi aiki a jijiyar da ake kula da ita. Yawancin masu hawan jinin da ya daidaita suna iya shan su da izinin likita. Haramcin da babu sassauci a cikinsa shi ne haɗa su da magungunan ciwon ƙirji na rukunin naitiret, kamar naitirogilisarin da ake sawa ƙarƙashin harshe ko isosobaid, domin jini na iya faɗuwa ƙasa warwas har a rasa rai. Ana barin tazarar aƙalla sa'a 24 bayan sildenafil, 48 bayan tadalafil, kafin a ba da naitiret. Hukumomin kula da magunguna sun sha gano sildenafil a ɓoye cikin kayan ƙarfin maza da aka rubuta wa "na ganye zalla", saboda haka mai shan naitiret ya nisance su baki ɗaya. Wanda kuma ke jin ciwon ƙirji ko numfashinsa na sarƙewa idan ya hau bene hawa biyu, a fara duba zuciyarsa kafin a rubuta masa kowane maganin gaba.