Me ake nufi da taƙaitacciyar ƙa'idar aiki?

A masana'antu, asibitoci da ɗakunan gwaje-gwaje akwai takardar da ma'aikata ke kira es-o-pi, wato rubutacciyar ƙa'idar da ke bayyana yadda ake yin wani aiki ta hanya ɗaya, ko wane ne ke yinsa. Yawanci doguwa ce. Za ka ga manufa, ma'anar kalmomi, dokokin da aka dogara da su, tarihin gyare-gyaren da aka yi mata, sannan can a tsakiya a zo kan aikin. Taƙaitacciyar ƙa'idar aiki ita ce 'yar takardar da ake cirowa daga wannan doguwar: shafi ɗaya ko biyu, matakai masu lamba, kowane mataki da mai alhakinsa, da gargaɗi a duk inda mutum zai iya jin rauni. Ana liƙa ta a jikin inji ko a riƙe ta a hannu. Doguwar tana nan daram, ita ce uwa, kuma da ita ake horar da sabon ma'aikaci.

Mutane da yawa sun ɗauka taƙaitawa rage kalmomi ce kawai. A ganina ainihin aikin tsincewa ne: ka raba abin da hannu zai aikata da abin da aka rubuta domin bayani. Bari mu ɗauki aiki guda, canza bel ɗin injin matsa iska, wanda makanikai ke kira kwamfuresa, a ce ƙa'idarsa shafi 14 ce.

Mai taƙaitawa zai bi takardar da biro yana ja wa kowace aikatau layi: kashe, yanke, kulle, buɗe, gwada. A gaban kowace sai ya tambaya, wa zai yi? Nan ne ake gano ɓoyayyen aibin dogayen takardu, domin cike suke da jimloli irin "a tabbatar an yanke wuta". Wa zai yanke, wa zai tabbatar? Makaniki zai zaci mai gyaran wuta ya yi, shi kuma ya zaci mai sarrafa injin ya yi. Saboda haka a taƙaitacciya kowane mataki da muƙami yake farawa. Muƙami ake rubutawa ba sunan mutum ba, don ma'aikaci yana iya tafiya hutu ko a canza masa wurin aiki. Idan doguwar ba ta faɗi mai alhakin ba, mai taƙaitawa ba shi da hurumin ƙirƙirowa. Sai ya koma ga mai takardar a gyara uwar tukuna.

Ga yadda sashen farko zai iya fitowa:

1. Shugaban aiki: sanar da duk masu amfani da iskar cewa za a tsayar da injin.
2. Mai sarrafa inji: danna maɓallin kashewa.

GARGAƊI: injin yana tashi da kansa idan iska ta ragu a tanki. Zai iya kama hannu. Kada ka saki iska kafin a kulle wuta.

3. Mai gyaran wuta: yanke wuta daga babban makunnin injin.
4. Kowane mai gyara: saka kwaɗonka da katin sunanka a kan makunnin, ka riƙe mabuɗinka.
5. Makaniki: rufe bawul ɗin da ke kai iska waje.
6. Makaniki: saki iskar tanki har allurar agogon ta sauka kan 0.
7. Mai gyaran wuta: auna da mita, ka tabbatar babu wuta.
8. Mai sarrafa inji: gwada kunnawa. Idan ya motsa, a tsaya a kira shugaban aiki. Idan bai motsa ba, mayar da maɓallin kan kashewa.

A dubi inda gargaɗin ya zauna. Irin wannan injin yana da makunni mai aiki da ƙarfin iska: tanki ya cika ya tsaya, iska ta ragu ya sake tashi. Ke nan injin da ka tarar shiru ba lallai a kashe yake ba, wataƙila jira yake. Da mai taƙaitawa ya ga mataki na 6 ya fi kama da aikin kashe inji ya ɗauko shi ya haɗa da matakan farko don tsari ya yi kyau, da ya rubuta takardar da za ta tayar da injin da kanta. Shi ya sa lambobin suke da nauyi: suna nufin ba a tsallake, ba a musanya. Shi ya sa kuma gargaɗi yake zuwa kafin matakin da ya shafa. Mai aiki layi-layi yake karantawa yana aikatawa, idan gargaɗin yana ƙasa ko an tara shi a ƙarshen shafi, sai bayan ya aikata zai gani.

Gargaɗi mai amfani yana faɗin abu uku: mene ne haɗarin, me zai yi maka, yaya za ka kauce masa. "A yi hattara" kaɗai ba ta gaya wa kowa komai. Kalmar da ke samansa ma tana da daraja. A tsarin alamomin da aka saba da shi a Amurka, ja na haɗarin da zai kashe ko ya yi mummunan rauni ne idan ba a kauce masa ba, ruwan lemo na wanda zai iya yin haka ne, rawaya kuwa na ƙaramin rauni. Idan aka sa ja a kan kowane mataki, ido zai saba, ya daina ganinsa.

Akwai abubuwan da ba a taɓa sadaukarwa don neman gajarta. Adadi na cikinsu: idan doguwar ta faɗi ƙarfin ɗaure noti, a kwafo shi da ma'auninsa, kada a mayar da shi "ɗaure sosai". Haka sharaɗin tsayawa irin na mataki na 8, da matakan mayar da inji bakin aiki: a mayar da murfin kariya, a kwashe kayan aiki, a ƙirga mutane, kowa ya cire kwaɗonsa da hannunsa. Wannan sashen ne aka fi yankewa idan shafi ya kusa cika, alhali nan ne aiki ke sauya hannu. A 1988, a dandalin haƙar mai na Piper Alpha da ke Tekun Arewa, kusa da gaɓar Birtaniya, ma'aikatan dare sun kunna wani famfo da aka cire wa bawul ɗin kariya da rana, domin labarin bai kai gare su ba. Gas ya tsiyaya ya kama da wuta, mutum 167 suka mutu.

Gwajin taƙaitacciya a gaban injin ake yinsa. A ba ƙwararren da bai sa hannu a rubuta ta ba, ya bi ta yana nuna abin da zai taɓa. Duk inda ya tsaya ya yi tambaya, ko ya yi wani abu da babu shi a takardar, akwai giɓi a wurin. A ƙasan shafin kuma a rubuta lambar uwar takardar, bugu na nawa ne, kwanan wata da muƙamin wanda ya amince. Ranar da aka gyara uwar, a bi bango-bango a cire tsofaffin da aka liƙa a maye su da sababbi.